Fetur Mai Gaurayen Itanol da Tsofaffin Injuna: Abin da Ya Shafi Birnin Zariya



Duk wanda ya shiga birnin Zariya ta Ƙofar Doka ya nufi Babban Dodo, ko ya ratsa ta Kwarbai ya gangara Bakin Kasuwa, kunnensa ba zai huta da ƙarar injuna ba. Ga injin niƙa a zaure, ga ƙaramin janareto a ƙofar shagon tela, ga babura na kai da kawowa a lungunan da mota ba ta iya shiga, ga kuma Basfar dattijo jingine a gindin katanga. Mafi yawan waɗannan injuna da fetur suke aiki, kuma mafi yawansu ko dai tsofaffi ne, ko kuwa sababbi ne da aka ƙera a kan tsohon tsari. Wannan lacca za ta dubi abin da yakan sami irin waɗannan injuna idan fetur ɗin da aka zuba musu yana da gaurayen wani ruwa da ake kira itanol, da sassan da suka fi saurin cutuwa, da kuma yadda mai inji zai gane.

Itanol da yadda ya shiga fetur

Itanol shi ne sinadarin nan da ke cikin barasa. Ana samunsa idan aka bar ruwan rake, ko ƙullin rogo, ko na masara ya tsimu, sa'an nan a dafa a tace har a raba shi da ruwa. Kalmar alkohol da Turawa suke kiran danginsa da ita daga Larabci suka aro ta, daga kalmar da ke nufin kwalli, amma wannan zance ne na wata rana. Wanda ake yi don mota akan zuba masa ɗan fetur tun a masana'anta domin kada ya shawu. Idan an gauraya shi da fetur akan yi wa gaurayen laƙabi da harafin E da lamba. E10 yana nufin a cikin kowace lita 100 akwai itanol har lita 10, sauran 90 fetur ne.

Ƙasar Barazil ce ta fi kowa nisa a wannan hanya. Ta kafa shirinta na man rake a shekarar 1975, bayan tashin farashin mai na 1973, kuma a shekarar 2025 ta ɗaga gaurayenta zuwa kashi 30 cikin 100. Amurka ta daɗe tana sayar da E10, Birtaniya kuwa ta mai da shi man yau da kullum a watan Satumba na 2021. A Nijeriya, gwamnati ta umarci kamfanin mai na ƙasa da ya fara shiri a shekarar 2005, aka kuma fito da manufar ƙasa a 2007, wadda ta yi nufin a riƙa sayar da E10, a kuma samar da itanol ɗin daga rake da rogo da takanda. Shirin bai kai ga zama man da ake sayarwa da sunansa a kowane gidan mai ba.

To, in haka ne, ina ruwan Bazazzagi da wannan magana? Ruwansa shi ne, gaurayen ya taɓa shigowa ƙasar nan ba tare da sallama ba. A farkon shekarar 2008 an shigo da wani fetur ta Ikko wanda itanol ɗinsa ya zarce ƙima, rahotannin lokacin suka ce kimanin kashi 20, motoci da dama suka lalace. A watan Fabrairu na 2022 kuma hukuma ta ba da sanarwar cewa an shigo da fetur daga tashar Antuwaf ta ƙasar Beljiyam mai ɗauke da mitanol fiye da ƙima. Janye wannan mai daga kasuwa ya jawo dogayen layuka na makonni, kamfanin mai na ƙasa kuma ya bayyana cewa awon mitanol ba ya cikin gwajin da aka saba yi wa man da ake shigowa da shi. Mitanol ƙanen itanol ne, daga iskar gas aka fi yin sa, guba ne, ya kuma fi yayansa cin roba da ƙarfe. Mai sayen lita ɗaya a kwalba wurin ɗan bumburutu ba shi da takardar da za ta gaya masa abin da ke ciki.

Kalmar roba da abin da ta ɓoye

Matsala ta farko a harshe take. Bahaushe kalma ɗaya yake da ita, roba, kuma da ita yake kiran tayar mota, da bokiti, da tiyon ban-ruwa, da igiyar ɗaure kaya a bayan keke. A wurin masu ƙera injuna kuwa waɗannan abubuwa dabam-dabam ne, kowanne da ruwan da yake jure wa da wanda yake narka shi. Saboda haka idan aka ce itanol yana cin roba, ba a faɗi kome ba tukuna, sai an faɗi wace roba.

Robar da aka fi yin tiyon fetur da ita a zamanin da aka ƙera Fijo 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a shekarar 1975, ita ce wadda ake kira naitiril, a kan kwali akan rubuta NBR. Ta jure wa fetur zalla sosai, don shi aka yi ta. Amma a cikinta akwai wani maiƙo da masu yin ta suke sakawa domin ta yi laushi ta riƙa lanƙwasuwa. Idan gaurayen itanol ya zauna a cikinta, abu biyu ne suke faruwa a jere. Da fari ruwan yakan kutsa cikin jikin robar, sai ta kumbura, ta yi taɓas-taɓas. Daga baya yakan wanke wannan maiƙo ya tafi da shi. Muddin tiyon yana jiƙe, kumburin yana rufe asirin. Ranar da tanki ya ƙafe, aka ajiye injin ya bushe, sai robar ta motse, ta ƙanƙance fiye da yadda take tun asali, ta yi tauri kamar busasshiyar fata. In aka sake zuba mai, sai a ga yana tsattsafowa ta bakin tiyo inda ya saki ƙarfe, ko ta wata tsaga da ido bai gani ba. Wani abin mamaki da gwaje-gwaje suka nuna shi ne, gaurayen fetur da itanol ya fi kumbura irin wannan roba a kan fetur zalla, ya kuma fi itanol zalla. Don haka kada a ce kashi 10 kaɗan ne, ɓarnarsa ma za ta zama kaɗan.

Tiyo dai ana ganinsa. Abin tsoro shi ne robar da ke ɓoye. A cikin famfon mai na tsohuwar mota, irin wanda ke manne a jikin inji, akwai wani faifan roba da ke motsi sama da ƙasa yana tura mai zuwa kafireta. A ƙarƙashin wannan faifai hanya ce da ta zarce zuwa ma'ajiyar baƙin mai. Idan faifan ya tsage, fetur ba ƙasa zai zuba ba balle a gani, cikin baƙin mai zai riƙa ɗiga. Alamarsa ita ce, mai mota ya zaro sandar awon baƙin mai ya ga man ya ƙaru maimakon ya ragu, ya yi ruwa-ruwa, yana warin fetur. Wanda ya ga haka ya ci gaba da tafiya, to yana wanke injinsa da fetur ne, ƙarfe na gugar ƙarfe, ba da jimawa ba zai ji ƙwanƙwasa.

A cikin kafireta kuma akwai wata 'yar allura mai kan roba wadda ke rufe hanyar mai idan kwanon ya cika. In kan ya kumbura, ko dai ya maƙale a rufe inji ya mutu don yunwa, ko ya maƙale a buɗe mai ya riƙa malala. A injuna mafi tsufa, abin da ke yawo a kan man yana ɗaga allurar, da na awon mai a cikin tanki, akan yi su da ɓawon itacen nan mara nauyi da ake toshe kwalba da shi, a shafe da wani ƙaro mai suna shalak. Duk kafintan da ya taɓa yi wa tebur gogen ƙyalli ya san da sifirit ake narka shalak, sifirit kuwa itanol ne. Da shafen ya narke, ɓawon sai ya sha mai ya nutse.

Masu Boksuwaja irin ta da, mai inji a baya, su ne ya fi kamata su kula. Tiyon manta yana da saƙar zare a bayansa, saƙar tana ɓoye tsaga, tiyon kuma yana ratsawa ta kusa da inji mai zafi da wayoyin wuta. Gobara a wannan mota abu ne sananne tun kafin zancen itanol, duk abin da ya gaggauta tsufan tiyo kuwa ya matso da ita kusa.

Robar da ta jure wa gauraye ita ce mai sinadarin fulorin, wadda ake rubuta wa FKM. Tiyon kirki yana da rubutu a jikinsa. Wanda aka rubuta wa SAE J30 R6 ko R7 na tsohon tsari ne, wanda aka rubuta wa SAE J30 R9 kuwa yana da shafi na wannan roba ta ciki, ya fi tsada, ya kuma fi jurewa nesa ba kusa ba. Amma a faɗi gaskiya, a garejojin Tudun Wada da Sabon Gari da na cikin birni, abin da ake yawan ɗaura wa babur da janareto ba ko ɗaya daga cikin waɗannan ba ne. Farin tiyo ne mai garai-garai, wani lokaci ma irin na ƙarin ruwa a asibiti, a ɗaure bakinsa da tsinken tsohon tif. Waɗannan ko fetur zalla ba su jure wa ba. Ɗora wa itanol laifin tsagewarsu zalunci ne, iyakarsa ya rage musu kwana. Tun da kuma rubutun jikin tiyo ana iya yin na jabu, gwajin da ya fi aminci shi ne a yanki guntu biyu, a jiƙa ɗaya cikin man da ake amfani da shi a rufaffiyar kwalba har mako guda, a fitar a gwada kaurinsa da ɗan'uwansa, sa'an nan a bar shi ya bushe kwana biyu a lanƙwasa a gani.

Ruwa: misalin injin ban-ruwa

Matsala ta biyu ta fi ta farko ɓoyuwa, ita ce kuma ta fi dacewa da yanayin ƙasar Zazzau. Fetur da ruwa ba sa haɗuwa, kowa ya san wannan. Itanol kuwa yana haɗuwa da fetur, yana kuma haɗuwa da ruwa, amma ya fi son ruwa. Muddin ruwan kaɗan ne, itanol yakan riƙe shi a cikin man, ya wuce da shi cikin inji a ƙone ba wanda ya sani. A wannan fuska ma taimako yake yi. Amma riƙon yana da iyaka, kimanin rabin kashi ɗaya cikin 100 a E10, watau wajen cokalin shayi ɗaya na ruwa a lita guda. Da zarar ruwa ya wuce haka, sai itanol ya saki fetur ya bi ruwa, su biyun su kwanta a ƙasan tanki, fetur ya tsaya a sama.

A ɗauki misalin wani manomi mazaunin cikin birni wanda yake noman rani a fadamar Galma. Yana da injin ban-ruwa mai tankin lita 3. A watan Mayu ruwan sama ya sauka, aikin inji ya ƙare, ya ɗauko shi ya ajiye a zaure da sauran mai kimanin lita ɗaya a ciki. A ɗauka man nan E10 ne. A cikin wannan lita akwai itanol mililita 100, iyakar ruwan da za ta iya riƙewa kuwa mililita 5 ne. Sauran lita 2 na tankin iska ce. Murfin tanki yana da 'yar ƙofar shan iska, dole ne, in ba haka ba mai ba zai gangara ba. Da rana iskar ciki ta yi zafi ta fita, da dare ta huce ta jawo ta waje, ta waje kuwa a watan Agusta cike take da laima. Haka tankin zai yi ta numfashi har wata biyar. Laimar iska kaɗai takan ɗauki lokaci mai tsawo kafin ta cika cokalin nan, amma ba ita kaɗai ba ce. Akwai raɓar da ke taruwa a jikin ƙarfen tanki ta ciki, akwai ɗigon da ya biyo mazurari ko gindin jarka tun ranar da aka zuba man, akwai yoyon rufin zaure. Daɗin daɗawa, sassan fetur masu saurin tashi suna ta ficewa ta wannan ƙofa.

Akwai kuma wani abu da ya danganci sanyi. Mai mai ɗumi ya fi riƙe ruwa a kan mai mai sanyi. Man da ya riƙe ruwansa lafiya a watan Satumba yana iya sakinsa a daren hunturu na Disamba, ba tare da ko ɗigo ɗaya ya ƙaru ba. Wannan kuwa shi ne daidai lokacin da manomin yake bukatar injinsa don tumatir da albasa.

Ya kai inji fadama, ya buɗe mai, ya ja igiya. Bututun da ke ɗibar mai a ƙasan tanki yake, saboda haka abin da ya fara isa kafireta ba fetur ba ne, wannan kwantaccen ruwa ne mai itanol. Inji ya ƙi tashi, ko ya tashi ya yi tari ya mutu. Abin da ya kwanta ɗin ba cokali ɗaya ba ne kuma, domin ruwan ya jawo kaso mai yawa na itanol ɗin nan mililita 100, ya isa ya cika kwanon kafireta sau da dama. Fetur ɗin da ya rage a sama ma ya raunana, domin itanol yana daga cikin abin da ke hana mai fashewa kafin lokacinsa, in aka yi aiki da shi inji yana iya ƙwanƙwasa idan ya ɗauki nauyi.

Bakanike mai lura zai kwance dunƙulen da ke ƙasan kwanon kafireta ya tsiyaye abin ciki a kofin gilashi. In ya ga hawa biyu, na ƙasa fari ko hazo-hazo, na sama launin fetur, ya gama gano ciwon. In ya buɗe kwanon zai iya tarar da wani farin gari kamar toka ko kamar kanwa a manne. Wannan jikin kafiretar ne ya ciwu, domin da haɗin tutiya ko alminiyum ake zuba ta, ruwa mai itanol kuwa yana cin su. A kan jet, watau 'yar tagullar nan mai ramin allura da ke auna mai, zai ga tsanwa-tsanwa. Ramin jet ɗin ƙaramin inji bai kai milimita ɗaya ba, ƙwayar gari guda ta isa ta toshe shi. A ƙasan tanki kuma zai ga tsatsa. Ya kamata a bambanta wannan da ciwon tsohon fetur zalla, wanda shi ma yakan lalace in ya daɗe. Shi abin da yake bari danƙo ne mai launin ƙasa-ƙasa da warin tsohon fenti, ba farin gari ba.

Gyaran ba girgiza tanki ba ne, ba kuma ƙara sabon mai a kan tsoho ba. Sai an juye tankin ƙaf, an wanke an busar, an wanke kafireta an hure jet da iska, ba a tsokale shi da waya ba don kada ramin ya faɗaɗa, an sake tiyo idan ya yi tauri. Da manomin ya rufe makunnin mai a watan Mayu ya bar injin ya ci gaba da aiki har ya mutu da kansa, sa'an nan ya juye sauran litar a babur ɗinsa, da duk wannan bai taso ba.

Abin ya fi muni a injin da ake gauraya wa mai da baƙin mai, kamar Basfa da ƙaramin janareton nan mai hayaƙi. Irin wannan inji ba shi da ma'ajiyar baƙin mai, abin da ke cikin fetur shi ne kaɗai abin da ke sulɓe fistin. Akan zuba kimanin kashi 2 cikin 100, watau mililita 80 a tankin lita 4. Idan man ya rabu gida biyu, baƙin man yana bin fetur sama, na ƙasa ba shi da maiƙo. In abin da ya kwanta yana da itanol da yawa har inji ya iya tashi da shi, to zai yi gudu a bushe, cikin ɗan lokaci fistin ya kama.

Daga nan za a ga cewa ba tsufan inji kaɗai ne abin dubawa ba, har da zamansa. Babur ɗin ɗan acaɓa da ke shanye tankinsa kullum bai cika gamuwa da wannan ciwo ba. Basfar ma'aikacin da ya yi ritaya, wadda ba a tayar da ita sai ranar Juma'a ko ranar ɗaurin aure, ita ce a bakin rami.

Kafireta ba ta san an sake mai ba

Matsala ta uku gajeriya ce. Fetur zalla yana bukatar iska ninki 14.7 na nauyinsa domin ya ƙone sarai. Itanol yana ɗauke da oksijin a jikinsa, kimanin sulusin nauyinsa, don haka ninki 9 kawai yake bukata, E10 kuwa 14.1. Motar zamani mai injekta tana da na'ura a bututun hayaƙi da ke auna ragowar oksijin, sai ta ƙara mai da kanta. Kafireta ba ta da wannan. Ramin jet ɗinta ɗaya ne jiya da yau, saboda haka iska takan yi wa man yawa da kimanin kashi 4 cikin 100 a E10, da ninkin haka a gauraye mai kashi 20. Tsofaffin injuna da dama dama can mai ya yi musu yawa, su kam ba za su ji kome ba. Wanda aka matse masa mai don tsimi, musamman mai sanyaya kansa da iska kamar babur da janareto, shi ne zai ƙara zafi, ya riƙa shaƙewa in an murɗa totur, ya ƙi zama sai an ja cok. Kan fulogi da ya kamata ya yi launin ƙasa sai ya yi fari fat. A watan Maris da Afrilu kuma, da yake gaurayen ya fi saurin zama tururi, tsohuwar mota tana iya mutuwa a cunkoso ta ƙi tashi sai ta huce, domin man ya tafasa a cikin bututu famfo yana tura iska.

Game da shan mai, ƙarfin itanol ya gaza na fetur da kimanin sulusi, don haka E10 ya gaza fetur zalla da wajen kashi 3 cikin 100. Motar da ke cin lita 10 a wata tafiya za ta ci lita 10 da kusan sulusin lita. Wanda ya ga shan mansa ya ƙaru da rubu'i, ya nemi dalili a wani wuri.

Waɗanne motoci ne?

Lokacin da ƙasashen Turai suka shiga sayar da E10, kamfanonin motoci sun fitar da jerin waɗanda suka amince wa. Tun da motoci da dama da ke titin Zariya 'yan Kwatano ne da suka fito daga can, jerin yana da amfani. Kamfanin Fijo ya amince wa duk motocinsa na fetur daga ranar 1 ga Janairu 2000. Fijo 504 ko 505 mai kafireta, ko da a Kaduna aka ci gaba da harhaɗa ta bayan wannan shekara, tsarinta na da ne, hankali ya fi kwanciya a lissafa ta cikin tsofaffi. Toyota ta amince wa nata na Turai daga Janairun 1998, Honda kuwa ta amince wa duk masu injekta. Gwamnatin Birtaniya ta ce duk motar fetur da aka ƙera daga 2011 ba ta da matsala.

Sai dai akwai tarko a nan. Wasu motoci da ba su tsufa sosai ba suna cikin waɗanda aka hana. Su ne na farko-farkon masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, na farkon shekarun 2000: wasu Golf masu alamar FSI, da Marsandi C200 mai alamar CGI ta 2002 zuwa 2005, da Toyota Abensis mai inji 1AZ-FSE. Nasu ciwon ya fi shafar sassan alminiyum na famfon mai, inda matsi da zafi suka yi yawa. Ke nan mota tana iya zama mai injekta, mai kyan jiki, amma tana cikin jerin. Mai irin wannan mota ya buɗe murfin tanki ya duba ko akwai rubutu, ya kuma duba littafinta. Ƙananan injuna na Honda, waɗanda aka kwaikwayi tsarinsu a yawancin injunan niƙa da na ban-ruwa, littafinsu ya yarda da itanol har kashi 10 ban da ƙari. Amincewar kuwa ta injin asali ce, ba ta hau kan tiyo da allurar da aka saka wa na kwaikwayo ba. Ko a Amurka, inda aka yarda da kashi 15 ga motocin 2001 zuwa sama, an hana zuba shi a babura da ƙananan injuna.

Wani abin da kan rikita masu tsofaffin motoci shi ne toshewar matatar mai a makonnin farko. Itanol mawanki ne, yakan ɓamɓaro dattin da ya shekara ashirin manne a tanki ya turo shi gaba. Wannan ba lalacewa ba ce, sake matata sau ɗaya ko biyu yakan wadatar.

Gwajin kwalba

Son ruwan nan da itanol yake yi shi ne kuma ke tona masa asiri, har mutum ya iya gwada mai a gida. A sami kwalbar gilashi mai miƙaƙƙen jiki da murfi. A zuba ruwa har tsayinsa ya kai santimita 1, a yi alama a daidai kan ruwan. A ƙara fetur santimita 10 a kai, a rufe, a girgiza sosai, a sassauta murfi tururi ya fita, a ajiye minti goma. Ruwan zai koma ƙasa. In kansa ya tsaya a kan alamar, babu itanol a man. In ya hau ya doshi santimita 2, gaurayen ya kai kimanin kashi 10, in kuwa ya doshi santimita 3, ya kai wajen kashi 20, wanda ya fi ƙarfin kowane inji daga cikin waɗanda aka ambata. Lissafin yakan ɗan gaza gaskiya, domin ba dukkan itanol ne ke bin ruwa ba, haɗin ruwa da itanol kuma yakan ɗan motse. Gwajin ba ya bambanta itanol da mitanol, duka biyun ruwa suke bi, raba su sai ɗakin gwaji. A yi shi a fili, nesa da murhu da fitila da mai shan taba, man da aka gwada kuma kada a mayar da shi tanki.